Muhawara: Wai jabu aka saka mana a filaza?

Mai Yadi: Jama'a an cuce mu! Wuta ta tashi a shagon tela na maƙwabcina jiya, kan feshin ruwan kashe gobara biyu kacal suka buɗe, alhali sun fi hamsin a silin. Nawa ko ɗigo. Jabu ɗan kwangila ya saka mana, bayan kuɗin da aka tatse mu.

Ɗan Kwari: Alhaji, wutar ta mutu ko ba ta mutu ba?

Mai Yadi: Ta mutu, amma ba zancen da nake ba kenan.

Mai Famfo: Alhaji, janye kalmar jabu. Ɗaga kai ka dubi wanda ke shagonka, za ka ga 'yar kwalba siririya mai jan ruwa. Ita ce ta tokare marfin bututun. In zafi ya kai digiri 68, ruwan cikinta ya kumbura, ta fashe, marfin ya faɗo, ruwa ya ɓalle. Kowane kai da kwalbarsa, ba wata waya da ta haɗa su. Taka ba ta ji zafi ba, me zai fasa ta? Da duka sun buɗe, da yau atamfofinka kake shanyawa.

Uwar Biyu: Ai hayaƙi ne bai kai gun Alhaji ba, shi ya sa.

Mai Famfo: Hajiya, hayaƙi ƙararrawa yake tayarwa. Shi kan feshin nan zafi kaɗai ya sani.

Ɗan Kwari: Amma fa jabu na nan. Kayan China duk haka suke.

Ɗan Guangzhou: Wayar da kake rubutun da ita a Kurmi aka ƙera ta? Ku daina ɓata mana sana'a.

Ɗan Kwari: To an taɓo masu kwantena.

Uwar Biyu: Ni maigidana a otal ya rataye babbar riga a jikin abin, kwalbar ta fashe, ɗaki ya zama kududdufi. Me ya hana shi tsayawa da kansa?

Mai Famfo: Ba ya tsayawa sai an rufe bawul an sauya kan. Abin da ya kamata Alhaji ya bincika daban ne: ko an bar babban bawul a rufe, ko masu fenti sun shafe kwalaben, don fenti na jinkirta fashewa. Saman bene ƙarƙashin kwano kuma, inda zafin bazara ke taruwa, mai ruwan ɗorawa ta digiri 79 ta fi dacewa.

Ɗan Kwari: Na taɓa ganin bidiyon da duka suka zubo lokaci ɗaya.

Mai Famfo: Akwai irinsa, kawunansa a buɗe suke ba kwalba, na rumfar jiragen sama da ma'ajiyar mai. Ba a saka shi kan yadi.

Mai Yadi: Kai dai ka faɗa mana ko yaron ɗan kwangilar ne kai.

Shugaban Zaure: A taƙaice, an tabbatar aikin ƙanena ba shi da aibi, kuma Alhaji bai gama biyan kasonsa ba tun bara. Na rufe zaure.