Db7 a gurbin G7: ko'ina take shiga?

Sadiku: Assalamu alaikum. Ina haɗa kiɗan wata waƙar soyayya mai sanyi a kan C, bugu 66 a minti, kuma amshinta yana zagaya kod huɗu, kowace bugu huɗu:

```
Cmaj7 | Am7 | Dm7 | G7
```

Na mayar da Am7 ta koma A7, na cire G7 na sa Db7, domin ni a ganina duk inda G7 ta zauna Db7 za ta zauna. Mawaƙiyar ta ce na ɓata mata waƙa. Wa ya fi gaskiya?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Sadiku, abin da ka riƙe yana da tushe, amma ka yi masa faɗi fiye da kima. G7 ta ƙunshi G, B, D da F, ita kuwa Db7 ta ƙunshi Db, F, Ab da Cb, wanda a kan fiyano shi ne B. Ka ga ke nan B da F suna cikin duka biyun, kuma su ne masu ja, domin B tana neman hawa zuwa C, F tana neman sauka zuwa E. Saboda haka ne ɗaya take iya tsaya wa ɗaya, sannan bes ya samu gangara mai laushi daga D zuwa Db zuwa C. Sai dai wannan lissafi na hannunka ne kawai, bai ce komai game da muryar da ke sama ba. Kafin mu yanke hukunci, a gaya mana sautin da take riƙewa a kan kod ta biyu da ta huɗu.

Rabi'atu: Malam, ni ce mai waƙar. Ban iya karanta waɗannan haruffa ba, amma Yaya Sadiku ya nemo mini su a kan fiyano: a wuri na biyu ina jan C, a na huɗu kuma ina jan D har bugu uku, in numfasa, sannan in sauka kan C. A wuraren nan biyu nake jin kamar ana tura ni gefe, har na fara zargin muryata.

Nura: Ai wannan mai sauƙi ne, Yaya. Idan Db ta fi mata daɗi ko ta yi mata nauyi, ka taɓa maɓallin `Transpose` ka ɗaga ko ka sauke kiɗan gaba ɗaya, ka huta.

Malam Habu: Ƙanena, ba mazaunin waƙar ake son sauyawa ba, tana nan a kan C. Ko ka ɗaga ta zuwa D, karon zai bi ta, tunda tazarar da ke tsakanin murya da kod ba ta motsa ba.

Rabi'atu, muryarki lafiya lau take. D ɗin da kike ja ita ce ta biyar a cikin G7, zama daram. Da aka sa Db7, sai bes ya tsaya a kan Db ke kuma kina kan D, rabin taki a sama da tushen kod, kuma wannan yana cikin karo mafi tsauri da ake samu. A waƙa mai sauri zai wuce kafin kunne ya farga, amma a bugu 66, bugu uku sun kusa daƙiƙa uku, wato mai sauraro yana da lokacin da zai ji shi sosai. Yawancin waƙoƙinmu sautuka biyar suke yawo a kai, a nan C, D, E, G da A, kuma idan ka ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan Db7, G ce kaɗai take zama cikin natsuwa, ita ma sai ka cire Ab daga hannun dama don kada su goga. C tana karo da B, A tana karo da Ab. Don haka maganar "ko'ina" ta faɗi, Sadiku.

Alhaji Bala: Abin da nake faɗa wa yaran situdiyo na titin gidan Zu ke nan tun tuni. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya suna bin kalma, ba ka da ikon ce wa mawaƙiya ta lanƙwasa sauti don ta bi kod ɗinka, sai ka mayar da kalmar wata daban. Kiɗan jaz an gina shi ne a kan wani harshe. A bar mana kod ɗinmu huɗu, ai ba su taɓa kashe waƙa ba.

Malam Habu: Alhaji, rabin farko na maganarka ba ni da ja a kai, murya ba za a taɓa ta ba. Amma hakan yana nufin kod ce za ta bi murya, ba wai a rufe ƙofa ba. Dubi wuri na biyu. A7 dominan ce ta aro, aikinta ta kai mu Dm7 kamar yadda G7 take kai mu C, kuma C# ɗin da ke cikinta ita ce ke hawa zuwa D. Ita wannan C# ce ta yi karo da C ɗin Rabi'atu. To, a gwada abokiyar musayarta, wato Eb7, wadda suka haɗa G da Db da ita. A kan Eb7, C tana zama ta goma sha uku, sauti mai taushi da ya dace da waƙar bege, bes kuma ya zame daga Eb zuwa D. Ka ga a wurin da Sadiku bai yi musaya ba nan ne ake buƙatarta, inda ya yi kuwa nan ne ba ta shiga.

Yakubu: Malam, da izininka zan ɗan ja da kai, domin muna buga irin wannan a majami'armu a Sabon Gari kusan kowace Lahadi. Db ɗin da ke cikin Eb7 ai ita ce C# ɗin A7, maɓalli ɗaya ne baƙi. Idan karon C da C# ne laifin, to bai tafi ba. Ina zargin Sadiku ya danna C# ɗin daf da muryar ne, ko ma a samanta. Ya saukar da ita ƙasa, ya jera C#, G, sannan C a can sama, ya cire E. Wannan hannun dama ɗaya ne, ko bes yana kan A ko yana kan Eb.

Malam Habu: Ka kama ni, Yakubu, jerin hannun ɗaya ne, kuma tazara ce maganin. Amma kunne daga bes yake auna komai. Da A a ƙasa, kod ɗin tana fitowa da yaji irin na bulus, da Eb kuwa tana fitowa da sanyi, kuma a waƙar da ake lallashi ni na biyun zan ɗauka.

Yakubu: Ni kuwa na farkon, domin tsalle daga Cmaj7 zuwa Eb7 yana yi wa wanda bai saba ba kamar an sauya waƙa, alhali A tuni kunnensa ya san ta a wurin.

Sadiku: Na gwada duka. A wuri na huɗu na bar G7 ta riƙe bugu ukun da take jan D, na sa Db7 a bugu na ƙarshe inda take numfashi, sai ya shige sumul. Na kuma gano cewa sautin goge na fiyano da na shimfiɗa a baya yana riƙe da D tun daga Dm7, shi ya ƙara dagula abin, na yanke shi kafin Db7 ta shigo. A wuri na biyu kuma na ɗauki Eb7 da C a samanta, wato Eb13. Ga yadda take yanzu:

```
Cmaj7 | Eb13 | Dm7 | G7 G7 G7 Db7
```

Rabi'atu: Ƙarshen ya yi mini daidai, Yaya. Amma ta biyun har yanzu tana sa ni ɗar-ɗar wajen shiga, na fi samun ƙafa da Am7 ta asali. Ko za a bar ta a amshi na farko da na biyu, a ajiye sabuwar sai na ƙarshe?

Alhaji Bala: Ku turo mini duka biyun in saurara a mota, amma kada a gaya mini wacce ce wacce.