Jigogina Sun Zama Amsoshin Tambayoyi, Yaya Zan Rubuta Hanyar Bincikena?

Assalamu alaikum. Na makale a babi na uku na kundin bincikena.

Na yi hira da mutum 14 masu jinyar ’yan’uwansu da ke fama da tabin hankali, irin mai sa jin muryoyi da yawan zargi. Da Hausa muka yi, na rubuta komai kalma da kalma, na bi matakai shida na fitar da jigogi da masana Braun da Clarke suka tsara a 2006. Lambobina, wato sunayen da nake laƙaba wa sassan hira gwargwadon ma’anarsu, sun kai 112 a manhajar NVivo.

Jigogi huɗun da na fitar su ne matsalar: wahalar jinya, tsangwama, kuɗin magani, neman waraka. Malamata ta ce waɗannan tambayoyina ne kawai na mayar kanun labari, babu wata ma’ana da ta ɗaure su. Gaskiya ta faɗa, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Na sake bin hirarrakin, sai kalmar “haƙuri” ta yi ta fitowa. Wata uwa da ke kulle wuƙaƙen girki a akwati kowane dare ta ce haƙuri ibada ne. Wata matar aure kuma, da haƙurin take nufin ba ta da inda za ta. Da na sa su ƙarƙashin lamba ɗaya, bambancin ya ɓace. Da na raba su, sai jigon ya watse.

Na ba abokin karatuna hira uku ya sa nasa lambobin, ba mu dace ba ko a rabi. Sai dai su Braun ba sa ɗaukar daidaiton masu sa lamba a matsayin ma’aunin inganci.

A sashen hanyar bincike, yaya zan bayyana cewa na haɗa ma’anoni biyu masu karo da juna a jigo guda na “haƙuri”, ba tare da an ce son raina na bi ba? Na gode.