Ɗan kunnen waya da anka sayar min: jabu ne ko kwafi?

Ɗan Mabera: Jama'a an cuce ni. Na sayi AirPods Pro 2 a wani shago nan Sakkwato, mai shagon ya rantse orijina ne. Kwana tara kunnen hagu ya mutu. Kwalin da lambarsa da komai, na duba a checkcoverage.apple.com ta fito. Ashe jabu ne.

Mai Shagon Waya: Ɗan'uwa gyara kalamanka. Wanga kaya ba jabu ba ne, kwafi ne. Jabu shi ne wanda ba ya aiki.

Hajiyar Arkilla: To nashi yana aiki? Abin da anka rubuta ma sunan wani ba da izninsa ba, mi sunansa in ba jabu ba?

Mai Shagon Waya: Hajiya, kwafi ma hawa-hawa ne. Akwai gired wan.

Injiniya: Ku dakata. Lambar kwali ba hujja ba ce, domin masu kwafi suna ɗaukar lambar na gaskiya guda su buga ta a kwalaye da yawa, shi ya sa ta fito maka. Buɗe murfin gidan cajin, akwai rubutu ƙanana daga ciki. Pro 2 mai ramin Lightning A2700 ne, mai USB-C kuma A2968. In ka ga A2190, wannan lambar gidan Pro na farko ce, alhali gidan naka yana da ramukan sifika a ƙasa da wurin ɗaura igiya a gefe, waɗanda na farkon ba shi da su. To an haɗa kai da ƙafa. Sannan ka kunna fitilar gidan cikin duhu. Na gaskiya ɗigo guda za ka gani, na bogi sau da yawa hasken yakan bazu cikin robar saboda ba ta da kauri.

Ɗan Mabera: A2190 na gani, kuma da ramukan sifikar. Innalillahi.

Bawan Allah: Ni dai na san duk wanda anka rubuta Vietnam a kwalinsa jabu ne. Na gaskiya California aka yin shi.

Injiniya: A'a malam. California zane kawai, "Designed by Apple in California". Haɗawa a China ko Vietnam ake yi. Ƙara da duba ƙafar ɗan kunnen: lotsawar da ake matsawa ta zama sumul, baƙin ragar kuma raga ce ta gaske, ba fenti ba.

Yaron Gawon Nama: Duk wahalar 'yan iPhone ce. Oraimo ɗina shekara biyu lafiya lau.

Hajiyar Arkilla: Wa ya tambaye ka, yaro?

Yaron Gawon Nama: Hajiya, fitilar nawa ma tana bazuwa, ke nan shi ma jabu ne?

Mai Shagon Waya: To a taƙaice dai mun yarda kwafi ne ba jabu ba, kuma mai saye ne bai buɗe murfi ya duba ba. Mai son gired wan ya same ni bayan La'asar.

Hajiyar Arkilla: Da wa kunka yarda?