Lamba uku SPSS ta ba ni, wacce zan rubuta?

'Yar ajin ƙarshe: Assalamu alaikum. Na tambayi ɗalibai 40 inda suke kwana da ko suna makara laccar ƙarfe takwas. 'Yan hostal 28, shida ke makara. 'Yan cikin gari 12, bakwai ke makara. `Pearson Chi-Square` ya ba ni 5.215 da p = .022, `Continuity Correction` ya ce .055, `Fisher's Exact Test` kuma .032. Akwai alaƙa ko babu? Litinin zan kai wa malamina.

Ɗan ajinsu: Tunda .022 bai kai .05 ba, ai shi ke nan. Ki rubuta cewa zama a gari ne ke jawo makara.

Malamin ƙididdiga: Wa alaikumus salam. A'a ɗan'uwa, ban da "jawo". Gwajin nan alaƙa kawai yake nunawa. Wataƙila 'yan garin matan aure ne ko masu sana'a, kuma abin da ke makarar da su ke nan.

Malama, duba ƙasan teburin, za ki ga `1 cells (25.0%) have expected count less than 5`. Ga inda ya fito: mutum 13 cikin 40 ke makara. Da wurin kwana ba ruwansa da makara, 'yan gari masu makara za su kama 12 × 13 ÷ 40, wato 3.9. Ke kuma bakwai kika samu. To idan adadin da ake tsammani a wani gida na teburin ya gaza biyar, lambar Pearson ba ta cika abin dogaro ba. Ni ta Fisher zan rubuta, .032, domin lissafinta kai tsaye ne, ba kintace ba.

Wata mai digiri na biyu: Nawa teburin ma akwai gida mai mutum biyu, ba wanda ya ce uffan.

Malamin ƙididdiga: Ba waɗanda kika ƙirga ake dubawa ba, Hajiya, waɗanda ake tsammani ne. Gida na iya ɗaukar mutum biyu alhali tsammaninsa takwas.

Tsohon ɗalibi: Malam, a gafarce ni, mu a sashenmu .055 ɗin nan aka koya mana ɗauka in tebur biyu-da-biyu ne. Da ita kuwa babu alaƙa.

Malamin ƙididdiga: Ana koyar da hakan, sai dai gyaran Yates, wato `Continuity Correction` ɗin nan, yakan wuce gona da iri. Abin da ya fi damuna shi ne mutum 12 ɗin nan. Da ɗan gari ɗaya tak ya ce ba ya makara, Pearson ɗin kansa zai koma wajen .07. Ki kawo kaso a fili, 58 cikin ɗari da 21 cikin ɗari, ki faɗi yawan mutanen.

'Yar ajin ƙarshe: Na gode Malam. Amma fa duk 'yan ajinmu na raba wa takardar a bakin ɗakin lacca. Wannan ma sai na faɗa?

Tsohon ɗalibi: Da ƙarfe nawa kika raba?