Abin da muka tattara kan cinikin hukunci

Jama'a, zancen ya yi tsawo, ga abin da na tsinta.

1. Yadda ake yi: wanda ake tuhuma ya amsa laifi, lauyan gwamnati ya rage tuhumar ko ya nemi a sassauta, alƙali ya sa hannu. A Amurka sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka kama da laifi ta nan suka bi.

2. Kowa ya yarda kotu na samun sauƙi, ba jiran shaidu, ba ɗage zama.

3. Nan aka rabu. Wasu daga cikinmu suka kawo misalin talaka da ya yi wata takwas a tsare ba kuɗin beli ba lauya, aka ce amsa ka fita gobe, wallahi zai amsa ko bai yi ba, tabon kuma ya bi shi. Wasu kuma suka ce ai gara hakan da ya ruɓe a kurkuku yana jiran shari'a. Ni dai na farkon sun fi gamsar da ni.