Job kostin da furoses kostin: me za mu ce musu da Hausa?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ina fassara wani darasin akanta na masu ƙananan sana'o'i, kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya, job kostin da furoses kostin. Na farkon na rubuta "lissafin kuɗin aiki", na biyun "lissafin kuɗin sarrafawa", amma ko ni da na rubuta ban gamsu ba. Misalan darasin tela ne da gidan burodi da maɗaba'a. Masu sana'a da akantoci, a taimaka.

Tela: Wa alaikumus salam. Ai na farkon ya yi, Malam. Kuɗin aiki shi ne abin da nake karɓa idan na ɗinka riga. Mai kaya ya kawo yadinsa, in faɗa masa kuɗin aiki, ya biya.

Tsohon Akanta: To ka gani, Malam mai fassara, tela ya rushe maka kalmar tun ba a je ko'ina ba. Duk Bahaushen da ya ji "kuɗin aiki" abin da ake cajin mai kaya zai fahimta, wato farashi. Mu kuwa abin da aikin ya ci maka daga aljihunka muke nema, kafin ka ɗora riba. Kada kuma wani ya ce mu kira shi "lissafin cin kuɗi", sai a ɗauka shari'a za a shiga.

Bambancin hanyoyin biyu yana wurin da kake tara kashe-kashen. A ta farko kowane aiki da katinsa: kayan da ya ci, awannin ma'aikaci, da kasonsa na haya da wuta da lalacewar inji. A ta biyu ba ka bin aiki ɗaya ɗaya. Kana tara duk abin da sashe ya kashe a wata, ka raba da yawan abin da ya fito. Ni "lissafin aiki-aiki" nake ba da shawara ga ta farko. Maimaitawar ce ke ɗauke da ma'anar, kamar yadda muke cewa gida-gida.

Mai Maɗaba'a: Baba Akanta, aiki-aiki ya zauna. Mu oda muke cewa, don haka ko "oda-oda" aka ce zan gane. Bari in kawo abin da ya same ni, don ni da raba daidai na fara kuma na ji jiki.

Oda biyu ne masu launi, takarda iri ɗaya, ɗaya kwafi 500, ɗaya 5,000. Bugun launi faranti huɗu yake so, kuma farantan ba ruwansu da yawan kwafi. A ce sun ci 20,000 a kowace oda. Takarda da tawada 20 a kowane kwafi. Awar inji, idan aka haɗa ladan ma'aikaci da kason haya da wuta, 2,500. Ƙaramar oda ta ɗauki awa 2, mafi yawansu ma a saita inji da daidaita launi suka tafi, babbar kuwa awa 4. Ƙaramar ta ci 35,000 ke nan, kowane kwafi 70. Babbar ta ci 130,000, kowane kwafi 26.

Ni kuwa a da sai in haɗa 165,000 in raba da kwafi 5,500, in ce kwafi 30 yake ci. Da wannan awon ƙaramar oda 15,000 ta ci a idona, alhali 35,000 ce. Ko na ninka farashin ina cikin asara. Babbar kuma ina ɗora mata 20,000 da ba ta ci ba. Abin da ya biyo baya shi ne masu ƙananan oda suka cika mini shago, masu manya suka koma wani wuri. Inji bai huta ba, aljihu bai ga komai ba.

Tsohon Akanta: Alamar ke nan da ake gane an ɗauki hanyar da ba ta dace ba, ɗana. Sai dai ka lura da 2,500 ɗin nan. Kason haya da wuta da ke cikinta kiyasi ne. Idan waɗannan suna cin 300,000 a wata, ka yi tsammanin inji zai yi awa 200, kowace awa ta ɗauki 1,500. In kasuwa ta yi sanyi ya yi awa 150 kawai, 225,000 ka ɗora wa ayyuka, 75,000 na nan ba wanda ya ɗauka. Kowane kati zai nuna riba, ƙarshen wata kuma ka rasa inda ta shige.

Mai Gidan Burodi: Ni dai ba zan buɗe wa kowane burodi kati ba, sai in haukace. A wata na kashe 600,000 a fulawa da sukari da yis da makamashi da albashi. Burodi 3,100 ya shiga tanda, 100 ya ƙone ko ya ƙi tashi. Ina rabawa da 3,000 masu kyau, kowane ya ci 200, don masu kyau ne ke ɗaukar nauyin waɗanda suka lalace. Saboda haka ku kira tamu "lissafin raba-daidai". Kowa zai gane.

Mai Fassara: Hajiya, wannan ya fi "sarrafawa" daɗin faɗa nesa ba kusa ba.

Tsohon Akanta: Ya yi daɗi, amma rabin maganar ya kama. Rabawa ita ce ƙarshen lissafin. Asalinsa shi ne kaya suna ratsa matakai, kowane mataki ya ɗora nasa kashe-kashen ya miƙa wa na gaba. A babbar masana'antar burodi akwai sashen kwaɓi, da na gashi, da na yanka da naɗewa, kowanne da lissafinsa. Akwai kuma kayan da wata ya ƙare ba a gama su ba, inda ake ƙirga guda 100 da aka yi wa rabin aiki a matsayin 50 gamammu. Hajiya ba ta cin karo da wannan sosai, tunda kwaɓi ba ya jiran wata mai zuwa. Mai yin fenti ko sabulu yana cin karo da shi. Ni "lissafin mataki-mataki" na fi so, ga shi ya yi tagwaye da aiki-aiki.

Sannan Hajiya, burodin naki duk girma ɗaya ne? In akwai babba da ƙarami, raba da kilo, kada ki raba da ƙirga.

Mai Gidan Burodi: Kala biyu ne, Baba, kuma da ƙirga nake rabawa. Zan duba. Amma mataki-mataki ni a kunnena kamar "a hankali a hankali" yake. Wanda bai sani ba zai zaci koyarwa ake.

Tela: To ni ina na faɗa? Ba na sayen yadi.

Mai Maɗaba'a: Kana tare da ni, ɗan'uwa. Yadin mai kaya ba ya shiga katinka, amma zare da shafi da maɓalli da zif suna shiga, kuma babban abin da kake kashewa lokaci ne. Rigar awa 3 da kwat ɗin awa 15 ba za su ɗauki haya daidai ba. Gyaran da mai kaya ya dawo da shi ma ka rubuta a katin wannan aikin.

Tela: Idan makaranta ta ba ni yunifom 200 iri ɗaya fa?

Tsohon Akanta: Kati ɗaya za ka buɗe wa duka odar, in an gama ka raba da 200. Wannan tsakiya yake, akantoci suna da suna na uku a kansa. Haka ita ma Hajiya, ranar da aka ba ta odar kek ɗin biki mai hawa uku ta koma aiki-aiki, ko da tanda ɗaya ta gasa shi da burodin.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Na rubuta "lissafin aiki-aiki". Na biyun zan sa "mataki-mataki" a kan darasi, in yi amfani da "raba-daidai" wajen bayani, in ga wanda ɗalibai za su riƙe. Na ukun nan na yunifom, "lissafin rukuni" zai yi?

Mai Gidan Burodi: Mu kwaɓi ɗaya muke cewa. Amma ban san yadda tela zai kwaɓa yunifom ba.