Malam, Ina Roƙon Ƙarin Lokaci a Dakin Gwaji

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki, ya zafin Garwa?

Malam don Allah alfarma nake nema a kan aikin nan nawa na ban ruwa da Arduino Uno. Na'urar auna danshin ƙasa tana karantawa lafiya a `A0`, amma da zarar rile ya kunna famfo sai allon ya mutu ya sake tashi, har saƙon farko na `setup()` ya sake fitowa a Serial Monitor. In na cire famfon komai lafiya lau, shi ya sa nake ganin ba kod ba ne, wuta ce ke faɗuwa don famfon da allon duk layin 5V ɗaya suke ja.

So nake in raba musu wuta, in sa diyod a kan famfon da kapasito kusa da allon, sannan in duba layin da osiloskop, don multimita ba ya kama faɗuwar, da sauri take wucewa. To osiloskop kuma sai a labo, a gida wutar ma ba ta zama.

Ko za a bar ni in shiga ranar Asabar da safe, ko awa biyu ne? Na gode Malam, Allah ya ƙara girma.

Ɗalibinka